Jeri Mai Tsallake: Asalinsa da Hisabin Bincikensa

Jeri mai tsallake, wanda ma'abota ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa suka sani da sunan `skip list`, wata hanya ce ta adana bayanai bisa tertibi, daga ƙarami zuwa babba, yadda za a iya nemo abu, ko a shigar da sabo, ko a cire tsoho, ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Malamin da ya ƙago shi shi ne William Pugh na Jami'ar Maryland a ƙasar Amirka, wanda ya fara bayyana shi a shekarar 1989, sa'an nan maƙalarsa da ta shahara ta fito cikin mujallar Communications of the ACM a watan Yuni na 1990.

Mas'alar da ya zo warwarewa tsohuwa ce. Tun da daɗewa masana suna tsara bayanai a siffar bishiya mai rassa biyu, ƙananan lambobi a hagu, manya a dama, don kowane kwatanci ya zubar da rabin abin da ya rage. Sai dai idan bayanan suka shigo a jere, kamar yadda sau da yawa sukan shigo, bishiyar takan karkata gefe guda har ta zama sanda, fa'idarta ta tafi. Adelson-Velsky da Landis na Tarayyar Sobiyat suka kawo magani a 1962 da bishiyar da ake kira AVL, Guibas da Sedgewick kuma suka fito da bishiyar ja-da-baƙi a 1978. Dukansu suna daidaita kansu ta hanyar jujjuya rassa bayan an shigar da abu ko an cire, kuma hukuncinsu tabbatacce ne, amma fa sharuɗɗan juyin suna da yawa, musamman wajen cirewa, har ɗalibi mai himma yakan kwana yana neman inda ya yi kuskure. Abin da Pugh ya ce shi ne a bar wannan wahala, a miƙa al'amarin daidaito ga ƙuri'a.

Ga yadda ginin yake. Kowane abu yana zaune a hawa na farko, inda kowace gaɓa take da manuni zuwa ga mai bi mata. Yayin da za a shigar da sabon abu, sai na'ura ta jefa ƙuri'a kamar mai jefa kwabo: in ta ci, abin ya hau hawa na biyu, a sake jefawa, in ta kuma ci ya hau na uku, haka har sai ta faɗi. Idan rabon ci, wanda ake rubutawa `p`, rabi ne, to kimanin rabin abubuwan za su kai hawa na biyu, rubu'insu na uku, sumuninsu na huɗu. A ɗauka an shigar da lambobi takwas, ƙuri'a ta ba da wannan sura:

```
3:           19
2:    7      19        44
1:  3 7  12  19 25 31  44 58
```

Mai neman 31 zai fara daga hawa na sama. Ya ga 19, ta gaza abin da yake nema, sai ya matsa kanta. Babu kome a gabanta, sai ya sauko hawa na biyu. Nan ya ga 44, ta zarce, don haka ba ya matsawa, sai ya ƙara saukowa. A hawa na farko ya ga 25, ya matsa, ya ga 31, buƙata ta biya. Lambobi huɗu ya duba, alhali mai bi daga farko sai ya duba shida. Ratar ba ta taka kara ta karya ba a nan, amma tana buɗewa ƙwarai in bayanai sun yawaita.

Hujjar da Pugh ya kafa a kan matsakaicin tsawon bincike ita ce mafi daɗin abin da ke cikin maƙalarsa, kuma ta cancanci a bi ta a hankali. Maimakon a bi mai bincike daga sama zuwa ƙasa, sai a juya tafiyar, a tashi daga abin da aka samu a koma baya zuwa mafari. A kowace gaɓa da aka tsaya, ɗayan abu biyu ne ke aukuwa: ko dai ƙuri'ar gaɓar ta ci, tana da hawa a sama, sai a hau, wannan kuwa rabonsa `p` ne, ko kuwa ta faɗi, sai a ja da baya zuwa hagu, rabonsa kuma `1-p`. Idan `C(k)` shi ne matsakaicin takun da ake bukata don hawa `k`, to:

```
C(k) = (1-p)(1 + C(k)) + p(1 + C(k-1))
C(k) = k/p
```

Ma'ana, kowane hawa yana cin taku `1/p` a matsakaici, wato biyu in `p` rabi ne. Adadin hawa kuwa, wanda ake rubutawa `L(n)`, shi ne sau nawa za a rage yawan abubuwan, `n`, da wannan rabo kafin a kai ga ɗaya. Daga nan Pugh ya fitar da iyakar matsakaicin bincike, `L(n)/p + 1/(1-p)`. A jarraba da abubuwa 1,048,576: rabawa biyu sau 20 ke kai su ga ɗaya, saboda haka hisabin ya zama 40 da 2, wato taku 42 cikin abin da ya haura miliyan. In aka mai da `p` rubu'i, hawa ya ragu zuwa 10, kowanne yana cin taku 4, jimla 41 da sulusi. Lokaci kusan ɗaya ne ke nan, amma manunan kowace gaɓa sun sauko daga 2 zuwa 1 da sulusi a matsakaici. Wannan ne dalilin da ya sa Pugh ya fi son rubu'i, sai fa inda ake gudun bambancin lokaci tsakanin bincike da bincike, a nan rabi ya fi.

Wajibi ne mai karatu ya lura da cewa wannan matsakaici bai rataya ga tertibin shigowar bayanai ba ko kaɗan, ga ƙuri'ar na'ura kaɗai ya rataya, kuma nan ne ya sha bamban da bishiyar da ba a daidaita ba. Haƙiƙa yana yiwuwa ƙuri'a ta faɗi a kowace gaɓa, jerin ya zama hawa ɗaya tal, amma Pugh ya lissafa cewa ga abubuwa sama da 250, yiwuwar bincike ya ninka matsakaicinsa fiye da sau uku ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba. Sharaɗin dai shi ne kada mai mugun nufi ya san hawan kowace gaɓa, domin in ya sani, sai ya bi dogayen ya cire, ya bar gajeru. Wani aibin kuma shi ne gaɓoɓin a warwatse suke cikin ma'adanar na'ura, saboda haka ga bayanan da ke kan faifai bishiyar B ta Bayer da McCreight ta fi shi nesa ba kusa ba.

Bayan haka, Munro da Papadakis da Sedgewick sun fito da nau'in da ba ya bukatar ƙuri'a a 1992, amma bai samu karɓuwar na asali ba. Inda jerin ya fi cin kasuwa shi ne inda ayyuka da yawa suke taɓa bayanai a lokaci guda, domin shigar da abu manunan maƙwabtansa kawai yake canzawa, ba kamar juyin bishiya ba da kan iya kaiwa har saiwa. Harshen Java ya shigar da `ConcurrentSkipListMap` na Doug Lea a 2006, LevelDB na kamfanin Google yana riƙe sababbin bayanai cikinsa kafin a sauke su kan faifai, Redis kuma da shi yake tsara manyan tarin abubuwa masu maki, da `p` rubu'i da iyakar hawa 32.