Addu'ar Larabci ko ta Hausa: yadda ake zaɓa da yadda ake rubutawa a gaisuwa

Gaisuwar Hausawa ba ta cika sai da addu'a, kuma mai gaisuwa yana da rumbu biyu da zai ɗiba, wato lafuzzan Larabci da Musulunci ya zo da su, da kuma na Hausa irin su "Allah ya saka da alheri". A baki, kuskure yakan wuce ba a lura ba. A rubuce kuwa, ko a katin gayyata ko a saƙon waya, yakan zauna kowa ya gani, wani lokaci har ya sauya ma'ana.

Sallama ita ce wurin da Larabci ya fi ƙarfi. Tsakanin Musulmi ana buɗewa da "Assalamu alaikum", a amsa da "Wa alaikumus salam", kuma aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko makamanciyarta. Shi ya sa wanda aka yi wa sallama ba ya amsawa da "sannu" kawai. Bayan sallama ne zaɓi yake buɗewa. A wurin suna, "Allah ya raya" ta wadatar. A wurin aure ana cewa "Allah ya ba da zaman lafiya", a lokacin Idi kuma "Barka da Salla, Allah ya maimaita mana". Idan saƙo zai je wa jama'a masu addini daban-daban, kamar ma'aikatan ofis ɗaya a Jos ko Kaduna, lafazin Hausa ya fi dacewa, domin Kiristoci masu jin Hausa ma da sunan Allah suke addu'a.

Babbar matsalar lafazin Larabci ita ce yana sauyawa gwargwadon wanda ake magana da shi. Ga misali: wani magidanci ya so ya gode wa goggonsa da ta aiko da turamen atamfa ranar suna, sai ya rubuta, "Slm Goggo, jazakallah, ameen." Kurakurai huɗu ne a nan. Ya taƙaita sallama zuwa baƙaƙe uku, abin da bai dace da na gaba ba. Ya yi amfani da "ka" ta namiji, alhali ga mace "Jazakillahu" ake cewa, ga jama'a kuma "Jazakumullahu". Ya bar "khairan", wadda ita ce ke faɗin cewa sakamakon da ake roƙo na alheri ne. Sannan ya rubuta "ameen" da tsarin Ingilishi. Gyararren saƙon shi ne, "Assalamu alaikum Goggo. Jazakillahu khairan, amin." Da ya rubuta "Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci", da bai shiga wannan tarkon ba, domin jimlar ba ta bambanta namiji da mace. Haka abin yake a ta'aziyya, inda "rahimahullah" ta namiji ce, "rahimahallah" kuma ta mace.

A wajen rubutu, ƙa'idar boko ce ke aiki ko da kalmar ta Larabci ce. Ba a nuna tsawon wasali ta hanyar ninka shi, saboda haka "amin" da "salam" ake rubutawa. Baƙi kuwa ana ninka shi inda aka ƙarfafa shi, kamar a "Assalamu" da "ta'aziyya". Hamza ko ainun da ta zo a tsakiyar kalma ana nuna ta da alamar ɗauri, kamar a "addu'a" da "Juma'a". "In sha Allah" kalmomi uku ne masu ma'anar "idan Allah ya so", don haka raba su ya fi, tunda "insha" a haɗe tana kama da wata kalmar Larabci mai nufin ƙagowa. Takwararta a Hausa ita ce "in Allah ya yarda".

Addu'ar Hausa ma tana da nata tarkon, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. "Allah ya ji ƙansa" daga "jin ƙai" ta fito. Wanda ya rubuta "Allah ya jikansa" ya kawo kalmar "jika", ɗan ɗa ke nan, cikin saƙon ta'aziyya. Ga mace kuma "Allah ya ji ƙanta" ake rubutawa.

Wanda bai tabbatar da siffar lafazin Larabci ba, gara ya yi sallama cikakkiya, sannan ya ci gaba da addu'a a Hausa.