Yadda ma'aunin strength ya samo asali, da abin da yake bari na hoton haja

A watan Agustan 2021, Chenlin Meng ta Jami'ar Stanford da abokan bincikenta suka fitar da wata dabara mai suna SDEdit. Kafin nan, wasu manhajojin da ke ƙirƙirar hoto suna farawa ne daga ɗige-ɗige barkatai, irin na talabijin da ta rasa tasha, su riƙa share su kaɗan-kaɗan har hoto ya fito. Su kuwa sai suka ɗauki hoto na gaske, suka zuba masa ɗige-ɗigen zuwa wani mataki, sannan suka bar manhaja ta share. Sun gano cewa idan aka auna matakin daga 0 zuwa 1, tsakanin 0.3 da 0.6 ne sakamakon ke yin kyau ba tare da ya rabu da asalinsa ba.

Da Stable Diffusion ya fito a watan Agustan 2022, sai wannan mataki ya zama lambar da kowa zai iya juyawa, mai suna `strength`, daga 0 zuwa 1, aka kuma ajiye ta a kan 0.75. Lissafin mai sauƙi ne: idan ka zaɓi matakai 50 da `strength` 0.3, matakai 15 na ƙarshe kaɗai manhajar za ta yi. A 1 kuwa, asalin hoton ya tafi kusan gaba ɗaya.

Ɗauki hoton kwalbar turare a kan tebur. A 0.2, kwalbar da murfinta da inuwarta suna nan, haske da laushin hoton ne kawai ke ɗan sauyawa, kuma ba za ka samu sabon bango ba ko ka roƙa. A 0.5, siffar kwalbar na nan, amma haruffan da ke jikinta sun fara rikiɗa, adon murfin ya canza. A 0.8, wata kwalba ce daban, sai dai ta gaji launi da mazaunin ta farko. Dalili shi ne ɗige-ɗigen kan fara cinye ƙananan abubuwa, manyan siffofi da launuka su ne ke jurewa har ƙarshe.

Akwai kuma asarar da ba ruwanta da lambar. Manhajar tana matse hoto mai 512×512 zuwa 64×64 kafin ta fara aiki, don haka ƙananan rubutu kan lalace ko a 0.1. Ka faɗaɗa hoton ka karanta sunan hajar da nauyinta, nan ɓarnar ke fara bayyana.

Wannan gazawa ce ta sa masu tallar haja suka karkata ga rufe hajar a gyara bangon kaɗai, da kuma ControlNet na Fabrairun 2023, wanda ke riƙe layukan siffa ko an ɗaga lambar. Duk da haka, ya kamata wanda ke sayar da kaya ya mayar da ainihin hoton kwalbarsa a kan sabon bangon, domin abin da mai saye ya gani shi zai biya kuɗi a kai.