Layi na 21: Yadda Kurame Suka Sami Shiga Talabijin a Amurka

A zamanin finafinan da ba su da sauti, kurma da mai ji duk ɗaya suke a gidan sinima, domin maganar 'yan wasa a rubuce take fitowa tsakanin hotuna. Da fim mai magana ya shigo a 1927, aka daina rubutun, kurame suka koma 'yan kallon motsin baki. Emerson Romero, wani kurma ɗan asalin Kuba da ya taɓa fitowa a finafinan da, ya gwada gyara abin a 1947. Yakan yanka zaren fim ya saƙala rubutu a tsakani, amma hakan na tsinka labari, fim ɗin ya yi ta jan lokaci.

Talabijin ba ta waiwayi kurame ba sai 1972, lokacin da tashar WGBH ta birnin Boston ta sa rubutu a shirin girke-girken Julia Child. Rubutun a manne yake da hoton, kowa na ganinsa, ko yana so ko ba ya so. Manyan tashoshi suka noƙe, suna gudun kada masu ji su ce an cika musu allo. Daga nan injiniyoyi suka duƙufa neman hanyar da rubutun zai ɓuya, sai wanda ya neme shi kaɗai zai gani.

Hoton talabijin na Amurka a lokacin layuka 525 ne, kuma akwai 'yan layuka a can sama da ba sa ɗauke da hoto, ba sa ma fitowa a allo. A 1976 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta ware na 21 a cikinsu domin rubutun kurame. Hanya ce matsattsiya ƙwarai. Kowane hoto haruffa biyu kawai yake ɗauka, hotuna kuwa wajen 30 ne a daƙiƙa, ke nan haruffa 60 a daƙiƙa, kuma a cikin wannan kason ne ake tura umurnin inda rubutu zai zauna da lokacin share shi. Sahu ɗaya na rubutu ba ya wuce haruffa 32.

A ɗauka ɗan wasa ya faɗi jimlar da ta cika sahu biyu, haruffa 64. Tura ta kaɗai zai ci fiye da daƙiƙa guda. Saboda haka dole mai shirya rubutun ya fara tura ta tun ɗan wasan bai buɗe baki ba, na'urar gida ta adana ta a ɓoye, sannan umurni guda ya fito da ita daidai lokacin maganar. Idan mutum biyu suna cacar baki da sauri, layin ba zai iya bin su ba, sai a rage kalmomi, kuma kurame da dama sun ƙi jinin wannan ragin, don suna son abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. In kuma eriya ba ta kama sosai, haruffa su riƙa zubewa, farin murabba'i ya tsaya a gurbinsu. Mai kallo da ya ga haka ya san matsalar daga kamun tasha take.

An fara watsa shirye-shirye da wannan tsari ranar 16 ga Maris, 1980, a tashoshin ABC da NBC da PBS. A 1982 aka kai ga rubuta magana kai tsaye, ta hannun masu buga na'urar ɗaukar bayanan kotu.

Sai dai ɓoye rubutun ya ɗora wa kurma nauyin biyan kuɗi. Kafin ya ga harafi ɗaya sai ya sayi wani akwati daban, na kimanin dala 250, ya jona da talabijin. Mutane ba su saya sosai ba saboda shirye-shirye masu rubutu kaɗan ne, tashoshi kuma suka fake da cewa masu akwatin ba su da yawa. A ganina nan ne aka fi ɓata lokaci, domin fasahar ta riga ta kammala, abin da ya rage shi ne wa zai biya. Wata doka da aka kafa a 1990 ce ta raba gardama. Ta ce daga Yulin 1993 duk talabijin mai inci 13 ko fiye da za a sayar a Amurka sai ta zo da na'urar a cikinta, kuɗin ya rarrabu a kan dukan masu saye.

Dokar ba ta hango intanet ba. Sai da ƙungiyar kurame ta ƙasar ta maka Netflix a kotu, kamfanin ya amince a 2012 zai sa rubutu a dukan finafinansa kafin ƙarshen 2014.