Kare tambarin kasuwanci a kasuwannin intanet

Kare tambarin kasuwanci a kasuwannin intanet shi ne matakan da mai kaya yake bi don hana wasu amfani da suna ko alamar kayansa wajen tallata jabu a shafuka irin su Jiji, Jumia, Facebook da Instagram. Matakan sun kasu gida biyu: yin rajistar tambarin a wurin gwamnati, da kai ƙarar mai jabu ga kamfanin da yake da shafin.

Rajista a Najeriya

Ana rajistar tambari a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar tambura ta shekarar 1965. Wannan rajista daban take da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, wadda ba ta ba mutum mallakar tambari.

Da farko ana bincike don a tabbatar babu wanda ya riga ya ɗauki sunan, sannan a shigar da takardar nema. Idan ofishin ya amince, sai a buga tambarin a mujallarsa, a ba duk mai ja wata biyu ya kawo ƙorafi. In babu, sai a ba da takardar shaida. Rajistar farko tana aiki shekara 7, bayan nan ana sabunta ta duk shekara 14.

An raba kaya da ayyuka zuwa rukuni 45, kuma rajista tana kare tambari ne a rukunin da aka nema. Shinkafa da zuma suna rukuni na 30, tufafi kuwa suna na 25.

Shari'ar Ferodo da Ibeto

Kamfanin Ferodo, mai yin kayan birkin mota, ya kai kamfanin Ibeto ƙara yana cewa kwalin kayan Ibeto mai suna Union ya kwaikwayi nasa mai launin ja da baƙi da fari. A shekarar 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, ta ce kalmar "Ferodo" ita ce tambarin, sauran zanen kwalin ado ne. Saboda haka rajistar suna ba ta tabbatar wa mai kaya mallakar launi da zanen buhu ko kwalinsa.

Yadda ake kai ƙara

Misali, mai injin casar shinkafa a Tudun Wada da ke kudancin jihar Kano ya yi rajistar sunan shinkafarsa a rukuni na 30. Sai ya ga wani shafin Facebook yana tallata buhu mai kilo 50 da sunan nan a farashi ƙasa da nasa.

Kafin ya kai ƙara zai ɗauki hoton tallar tare da kwanan wata, ya kwafi adireshin kowace talla, domin mai shafin yana iya goge ta. Sannan ya sa a saya masa buhu ɗaya, ya ajiye rasit, ya kwatanta ɗinkin bakin buhun, bugun rubutun, nauyi da ƙwayar shinkafar da nasa. Wannan saye shi ne yake bambance jabu da kayansa na gaskiya da wani ɗan kasuwa ya saro yake sayarwa, wanda ba laifi ba ne.

Daga nan sai ya cike fom ɗin kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram. Akwai fom na jabu, da na tambari, da na haƙƙin mallaka, wanda ya dace idan hotunansa kawai aka ɗauka. Fom ɗin yana neman sunan mai tambarin, lambar rajista, ƙasar da aka yi ta da adireshin tallar. Meta takan nuna wa wanda aka kai ƙara suna da imel ɗin mai ƙarar. A Jiji kuwa ana danna `Report Abuse` a jikin tallar.

Iyakoki

Doka ba ta cika yarda a mallaki sunan wuri ba. Wanda ya kira kayansa "Shinkafar Tudun Wada" kawai zai sha wuya kafin ya hana maƙwabtansa amfani da sunan.

Cire talla kuma ba ya kawo diyya, kuma mai jabu yana iya buɗe sabon shafi ko ya koma WhatsApp da kasuwar gari. Mai neman diyya ko umarnin hani sai ya je Babbar Kotun Tarayya. Idan jabun abinci ne ko magani, ana sanar da hukumar NAFDAC. Wanda bai yi rajista ba ba zai iya shigar da ƙarar keta tambari ba, sai dai ƙarar sojan gona, inda dole ya tabbatar wa kotu cewa jama'a sun san kayan da sunansa kuma ana ruɗa su.