Awon tamowa a Garagumsa: wa aka auna, wa aka bari?

A ɗauka an turo wa mai nazari hoton shafi ɗaya na wani rahoto, an ɗauka da wayar hannu. Shafin ya ce an auna damtsen yara 200 'yan wata 6 zuwa 59 a likitar Takeita ranar kasuwa, an sami kaza cikin ɗari da damtsensu bai kai milimita 125 ba, don haka wannan ne matsayin tamowa a gundumar Garagumsa. Kafin a dubi adadin, layin da ya faɗi wuri da rana shi ne abin karantawa. Idan hoton ya yanke wannan layi, sai a nemi cikakken shafin.

Takeita na kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Uwar da ta kai yaro likita a can, ko dai tana kusa, ko tana da kuɗin mota, ko kuwa yaron ya riga ya kamu da ciwo. Kusanci da hali suna iya rage adadin, ciwo kuma ya ƙara shi, kuma ba wanda zai iya cewa wanne ya rinjaya. Yaran tungayen nesa da na rugage ba su da ko damar shiga lissafin. A ganina nan ne illar take, kuma ƙara yawan yara ba ya gyara ta. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Landon zai ci zaɓe, Roosevelt ya lashe.

Gyaran yana farawa da jerin ƙauyuka na ƙidayar 2012 da hukumar ƙididdiga ta INS ta yi. Jerin ya tsufa, dole a zauna da masu gari da arɗo-arɗo a sabunta shi. Sai a jera ƙauyukan, ana tara yawan mutanensu ɗaya bisa ɗaya. A misali, in jimillar ta kama 60,000 kuma ana son rukuni 30, tazara ta zama 2,000. A jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 2,000. Idan 740 ta fito, a ɗauki ƙauyen da mutum na 740 ya faɗa cikinsa, sai na 2,740, sai na 4,740, har a cika talatin. Da haka babban gari ke samun rabo daidai girmansa, ƙaramin ƙauye ma bai fita daga ƙuri'a ba.

A cikin ƙauye kuma a rubuta gidaje duka, a zaɓa da ƙuri'a, kada a bar wa mai gari zaɓi. Tun da yaran ƙauye ɗaya rijiya ɗaya suke sha, gonakinsu ma damina ɗaya suka samu, halinsu yakan yi kama, shi ya sa ake kusan ninka adadin: yara 14 a kowane rukuni, 420 ke nan. Gidan da aka tarar uwa ta tafi gona da goyonta, a koma da yamma, kada a musanya shi da na maƙwabci. A kuma rubuta watan awon, domin na Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ba a gwada shi da na bayan girbi.