Leƙen akwatin imel ko jiran a sanar da kai: yadda manhaja ke sanin saƙo ya iso

Duk wanda aka taɓa aiko masa da kaya daga Abidjan ko Agadez ya san hanyoyin nan biyu. Ko dai ka riƙa tura yaro tashar mota a Tahoua yana tambaya ko saƙo ya zo, ko kuwa ka bar lambarka wajen mai kula da kaya, in mota ta iso ya kira ka. Manhajar da aka ɗora wa aikin karanta akwatin imel ita ma tsakanin waɗannan biyun take zaɓa. Ta farko za mu kira ta leƙe, ta biyu kuma sanarwa. Kowace tana da inda take gazawa, kuma kamfanin da ke riƙe da akwatin ya kafa wa kowace iyaka.

A ɗauka akwai wani ɗan kasuwa a Tahoua mai sayar da hatsi. Ƴan ci-rani daga Côte d'Ivoire da Libiya suna rubuto masa imel cewa a ba iyalinsu buhu ɗaya ko biyu a Tamaske, ko Barmou, ko Takanamat. Ƙanensa da ya yi karatun kwamfuta ya haɗa masa ƴar manhaja: in wasiƙa ta shigo akwatin Gmail na shagon, ta karanta, ta tura SMS ga yaron shago. A rana kamar wasiƙa 30 ke shigowa.

Leƙe

In manhajar tana leƙawa kowane minti ɗaya, a kwana guda za ta yi tambaya sau 1,440. Tun da wasiƙun 30 ne, aƙalla sau 1,410 hannu wofi take komawa. Abin da aka samu a madadin wannan wahala shi ne wasiƙa ba ta wuce minti ɗaya tana jira, galibi ma rabin minti. In aka mai da leƙen kowane minti biyar, tambaya ta ragu zuwa 288, jira kuma ya zama kamar minti biyu da rabi. Ga buhun hatsi, minti biyar ba komai ba ne.

Kowace tambaya tana cin intanet. In muka ƙaddara kilobait 10 ga kowace, domin sai an sake gaisawa da sabar, wato babbar na'urar da ke ajiye wasiƙun, leƙen minti-minti zai ci kusan megabait 14 a kwana, sama da 400 a wata. Mai sayen forfe da kuɗinsa zai ji wannan a aljihu.

Amma leƙe yana da wani alheri da ya dace da ƙasarmu. In kuran ya ɗauke ko rezo ya tafi awa uku, babu abin da ya ɓace. Da dawowa, tambayar farko za ta kwaso duk abin da ya taru.

Iyakar da Google ya kafa

Gmail ba yawan tambayoyi kai tsaye yake ƙirgawa ba. Kowane irin buƙata yana da farashinsa na maki. A lissafin da Google ya wallafa a baya ga masu haɗa manhaja, neman jerin wasiƙu da `messages.list` maki 5 ne, buɗe wasiƙa ɗaya da `messages.get` maki 5, tambayar abin da ya sauya da `history.list` maki 2. A wancan lissafin kuma, an ba akwati ɗaya maki 15,000 a minti. Lambobin nan kamfanin kan sake su, don haka mai haɗa manhaja ya duba na ranar kafin ya fara.

To, a yi lissafi. Leƙe 1,440 sau maki 5 ya ba da 7,200 a kwana guda cur, wato bai kai rabin abin da aka yarje a minti ɗaya ba. Ke nan maganar da ake yawan yi cewa leƙe ne ke sa a toshe mutum, ga ƙaramin shago ba haka take ba. Abin da ke jawo toshewa shi ne manhajar da ba ta tuna inda ta tsaya. A ce akwatin yana da tsofaffin wasiƙu 4,000. Kuran ya ɗauke, kwamfuta ta sake tashi, manhaja ta manta, ta shiga buɗe su duka a lokaci guda. Maki 20,000 ke nan. Kafin ta gama, sabar ta fara mayar mata da lambar `429`, ma'ana buƙatu sun yi yawa, wani lokaci kuma `403` tare da kalmar `userRateLimitExceeded`. In kuma ba a yi sa'a ba, yaron shago ya riga ya samu ɗaruruwan SMS na odar da aka biya tun bara.

Manhajar da ba a gina da kyau ba, da ta ga `429` sai ta sake tambaya nan take, kamar yaron da aka ce wa ya dakata ya ƙara buga ƙofa. Hakan tsawaita toshewar yake yi. Abin da ake yi shi ne ja da baya ana ninkawa: a jira daƙiƙa 1, in an sake ƙi a jira 2, sai 4, sai 8, sai 16, ana ƙara ɗan lokaci na kacici-kacici a kai don kada buƙatu su sake haɗuwa a ƙofa ɗaya. In amsar ta zo da `Retry-After`, lokacin da aka faɗa a ciki shi ake bi.

Sanarwa ta hanyar IMAP

Tsohuwar hanyar sanarwa ita ce umarnin `IDLE` na tsarin IMAP, wanda aka tsara tun 1997. Manhaja tana buɗe layi da sabar ta bar shi a buɗe, ta ce ina nan ina jira. Ga yadda maganar ke gudana:

```
C: A1 IDLE
S: + idling
S: * 4001 EXISTS
C: DONE
```

Layi na uku shi ne sabar ke cewa wasiƙun akwatin sun zama 4,001, wato sabuwa ta shigo. Ƙa'idar ta ce a katse a sake ba da umarnin aƙalla kowane minti 29, domin sabar tana da damar sallamar wanda ya yi shiru minti 30.

A nan ne yanayin Adar ke shigowa. Layin da aka bari a buɗe ta intanet ɗin salula yana iya mutuwa ba tare da an gaya wa kowa ba: rezo ya yanke na ɗan lokaci, ko na'urorin kamfanin waya su ga layin ya daɗe shiru su share shi. Manhajar tana nan zaune tana zaton babu wasiƙa, alhali wayar da take riƙe da ita ta tsinke tuni. Shi ya sa a irin wurarenmu ya fi kyau a sabunta `IDLE` kowane minti biyar ko goma maimakon jiran 29.

Iyakar da ke kama wannan hanya ba ta maki ba ce, ta yawan layuka ce. Gmail yana yarda da layin IMAP 15 a lokaci guda ga akwati ɗaya, kuma manhaja ɗaya kan buɗe fiye da ɗaya. Wayar maigida, ta ƙanensa, kwamfutar shago, ga kuma matattun layukan da sabar ba ta riga ta gane sun mutu ba. In rezo yana zuwa yana tafiya, kowane dawowa sabon layi ne a kan tsoho. Alamar ita ce saƙon `Too many simultaneous connections`. Maganinsa rage na'urorin da ke manne da akwatin, da ɗan dakatawa kafin a sake haɗawa.

Sanarwa ta hanyar Gmail kanta

Hanya ta biyu, manhaja ta yi rajista da umarnin `watch`, sai Gmail ya riƙa aika sanarwa ta wani tsarin Google mai suna Cloud Pub/Sub. Sanarwar ba wasiƙar ba ce. Adireshin akwatin ne kawai da wata lamba, `historyId`, mai nuna inda tarihin akwatin ya kai. Dole manhaja ta koma ta tambaya da `history.list` abin da ya sauya tun lambar da ta adana a baya. Mai kula da kaya a tasha ya kira ka, amma ɗaukar kayan har yanzu naka ne.

Abu biyu ake tuntuɓe da su. Na farko, rajistar `watch` kwana 7 take yi ta mutu, kuma Google da kansa ya ba da shawarar a sabunta ta kullum. In aka manta, babu lambar kuskure, babu gargaɗi, sanarwa kawai ta daina zuwa. Manhajar da ta yi mako guda lafiya ƙalau sannan ta yi tsit, wannan ne abin farko da za a duba. Na biyu, Gmail ba ya aika fiye da sanarwa ɗaya a daƙiƙa ga akwati ɗaya, abin da ya haura zubar da shi yake yi. A jajibirin sallar layya, lokacin da ƴan ci-rani ke rubutowa a tare, wasiƙa uku na iya faɗowa cikin daƙiƙa guda. Manhajar da ke ƙirga sanarwa ɗaya wasiƙa ɗaya za ta tsallake biyu, gida biyu kuma su kwana ba a kai musu hatsi ba. Wadda ke tambaya daga lambar da ta adana za ta same su duka.

Akwai kuma batun inda za a kai sanarwar. In ana so Google ya turo ta kai tsaye, sai an tanadi adireshin intanet mai tsaro da ke buɗe dare da rana. Kwamfutar shago da ke kan intanet ɗin salula galibi ba ta da adireshin da za a same ta daga waje. Sai dai a yi hayar ƙaramar saba, ko a sa manhaja ta riƙa jawo sanarwar daga Pub/Sub da kanta.

Ga shagon hatsin nan, a ganina leƙen kowane minti biyar da `history.list` ya wadatar: maki 576 a kwana, babu rajistar da za ta mutu, babu layin da za a yi gadinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a rubuta lambar `historyId` ta ƙarshe a cikin fayil bayan an tura SMS, don kada ɗaukewar kuran ta shafe ta. In kwamfutar ta daɗe a kashe, kamar fiye da mako, Gmail na iya ƙin tsohuwar lambar ya mayar da `404`. A nan ma ba duka akwatin za a buɗe ba, wasiƙun kwanakin da aka yi a kashe za a nema, kaɗan-kaɗan.

Wanda aikinsa ba ya jure jiran minti biyar, kamar cibiyar lafiya mai jiran saƙon gaggawa daga ƙauye, shi ne zai ɗauki ɗawainiyar sanarwa. Shi ma ya haɗa da leƙe ɗaya kowane minti 15 a matsayin mai gadi, sau 96 ke nan a kwana, maki 192, sai maki 100 na sabunta `watch` kowace safiya.