ERP dunƙulalle da ERP na harhaɗawa: inda bambancin yake

ERP shi ne tsarin manhajar da ke haɗa lissafin kuɗi, sito, saye da sayarwa da albashin ma'aikata a wuri guda. Kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa masa wannan suna a 1990. Tsawon shekaru, abin da aka saba shi ne sayen tsari dunƙulalle daga kamfani ɗaya, irin SAP R/3 da ya fito a 1992, inda dukkan sassa ke rubutu a rumbun bayanai guda. Sabon salon kuwa shi ne harhaɗawa: kowane aiki yana da ƙaramar manhaja mai zaman kanta da rumbunta, suna aika wa juna saƙo ta mahaɗar da ake kira API.

Bambancin ya fi fitowa fili a lokacin da ciniki ya lalace a tsakiya. A ɗauki misalin kamfanin sari mai buhun shinkafa 500 a sito. Wani dillali ya nemi buhu 200 bashi, kowane a kan naira 60,000, jimilla naira miliyan 12, alhali iyakar bashin da aka yarje masa miliyan 10 ce.

A tsari dunƙulalle, rage kaya daga sito da rubuta bashi aiki ɗaya ne a rumbu ɗaya. Ko dai duka su tabbata, ko duka su rushe. Da zarar an ga bashin ya zarce iyaka, sai a fasa, sito ya ci gaba da nuna 500. Haka nan idan na'ura ta mutu ana tsaka da rubutu, rumbun zai mayar da komai yadda yake.

A tsarin harhaɗawa babu wannan kariyar, domin rumbunan daban-daban ne. Manhajar oda ta karɓi buƙata, manhajar sito ta ware buhu 200 ta bar 300, sannan manhajar kuɗi ta ƙi amincewa. Dole a sake aika saƙo ga sito ya saki abin da ya ware. Wannan dabara ta warware mataki da wani matakin ana kiranta saga, kuma Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem ne suka bayyana ta a 1987.

Idan saƙon warwarewar ya ɓace, kwamfuta za ta nuna 300 alhali 500 na jibge, a riƙa mayar da masu saye hannu rabbana. Idan kuma saƙon warewar ya iso sau biyu, sai a cire 400 a bar 100. Alamar cutar ita ce saɓani tsakanin ƙidayar sito da littafin akanta a ƙarshen wata. Maganinta shi ne a ba kowane saƙo lambar shaida ta yadda maimaicinsa ba zai yi tasiri ba, a riƙa daidaita rumbunan kullum, sannan a tsayar da manhaja ɗaya tak a matsayin mai iko da kowane bayani, kamar farashi ko sunan abokin ciniki.

Akwai kuma lissafin tsayawar aiki. Manhajar da ke aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci tana tsayawa kusan awa 9 a shekara. Idan ciniki ɗaya sai ya ratsa irinta huɗu a jere, kowace tana jiran amsar ta gaba, adadin zai sauka zuwa kusan kashi 99.6, wato kimanin awa 35. Shi ya sa ake fifita jera saƙonni a layi su jira, maimakon kira kai tsaye.

To, me ake samu a madadin wannan ɗawainiya? 'Yancin sauyi. Ana iya musanya manhajar albashi ko ta haraji ba tare da taɓa sito ba, a kuma ƙara wa sashen oda ƙarfi shi kaɗai lokacin cinikin sallah. Tsari dunƙulalle kuwa yana ɗaure kamfani da jadawalin mai shi. SAP ya sanya ƙarshen 2027 a matsayin wa'adin kulawar yau da kullum ga sababbin nau'o'in ECC 6.0, kuma kamfanin da ya cika yi wa tsarin kwaskwarima zai fi shan wahalar ƙaura zuwa S/4HANA.

Don haka masu tsara ginin manhaja da dama sukan bi tsaka-tsaki: littafin kuɗi da sito su zauna a rumbu ɗaya, tunda saɓaninsu asara ce kai tsaye, sassan da ke yawan sauyawa kuma a ware su. Ma'aunin shi ne yawan ma'aikata, domin kowace manhaja da aka ware tana buƙatar masu sa ido da gyara dare da rana. Kamfanin da injiniyoyinsa ba su wuce uku ba, rumbu ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali.